Abin da aka tattauna a Ringim kan tsawon yini

Bayan La'asar a Ringim, wani ladan ya tambayi malamin kimiyya me ya sa lokacin Magariba ke motsi. Ga bayanin da aka yi.

Malam ya ce duniya a karkace take da digiri 23.4 yayin da take kewaya rana. A Yuni rabin duniya na arewa, inda muke, ke fuskantar rana, a Disamba kuma ya kau da kai. Muna kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka a 21 ga Yuni yininmu yakan kai kusan awa 12 da minti 50, a 21 ga Disamba ya ragu zuwa awa 11 da minti 25.

Lissafin kuwa, a fara da gano zawali, sai a raba tsawon yinin biyu. Ran 21 ga Yuni zawali na wajen 12:25. Cire awa 6 da minti 25, fitowar rana 6:00; ƙara su, faɗuwa 6:50.

Wani dattijo ya ja kunne: kada a ɗauki jadawalin wani gari yadda yake, domin kowane digiri zuwa gabas na gaggauta lokaci da minti 4. Haɗejiya na riga Kano da kusan minti 6. Ga mai azumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.