Ƙugin wuta ya hana ni ɗaukar sauti, ina zan fara nema?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ɗaukar karatun littafi da muryata, amma duk abin da na ɗauka sai in ji wani ƙugi "guuu" a ƙarƙashin maganar, ba ya hawa ba ya sauka. Makirfo na shiga miksa ta XLR, miksa na fita ta RCA zuwa akwatin USB da ke haɗe da kwamfuta. Miksa da cajar kwamfuta kowanne da soket ɗinsa a bango, sifikoki biyu kuma suna soket na uku. Na canza makirfo, bai daina ba. Don Allah a taimaka.

Mai karatun labarai: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kashe fanka da firij kafin ka fara, sannan ka rataya bargo a bango. Ni da haka na rabu da nawa.

Mai tambaya: Na gode, Yaya. Amma ko na rufe ƙarar makirfon gaba ɗaya a miksa, ƙugin na nan daram.

Tsohon injiniyan sauti: To ai ka riga ka yi rabin aikin da wannan maganar, ƙanina. Abin da ya saura bayan an rufe makirfo ba daga ɗaki yake ba, yana shigowa ne tsakanin miksa da kwamfuta. Ina zargin zoben ƙasa. Miksarka tana da wayar ƙasa zuwa soket ɗinta, kwamfuta ma tana da tata ta caja, sai ragar ƙarfen da ke lulluɓe da kebul ɗin RCA ta haɗa su biyun. Ka ga an rufe zobe ke nan. Ƙasar soket ɗaya da ta ɗayan ba sa taɓa zama daidai cif, akwai ɗan bambancin da sau da yawa bai kai bolt ɗaya ba, kuma ya isa ya tura wuta ta bi ragar. Matsalar RCA ita ce wannan ragar ita ce kuma hanyar komawar sauti, don haka duk abin da ya bi ta kanta sai ya cakuɗe da muryarka.

Kada ka sayi komai tukuna. Ka ɗauki shiru na daƙiƙa 10 ka ajiye, shi ne ma'auninka. Ka zare cajar kwamfuta ta koma kan batir, ka sake ɗauka. Ka zare kebul ɗin sifikoki daga bayan miksa, ka zare shi ɗungurungum, domin kashe maɓallin sifika ba ya yanke wayar ƙasa. Abu ɗaya kawai za ka riƙa canzawa kowane karo, in ba haka ba ƙugin zai tafi ba ka san abin da ya kore shi ba. Idan kana da manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka zaɓi shirun ka shiga Analyze, sai Plot Spectrum, ka faɗa mana inda tsinin yake. Wutar gida 50 Hz ce a wasu ƙasashe, 60 Hz a wasu, kuma ƙugin yakan zo da 'ya'yansa a ninki biyu da ninki uku.

Mai gyaran sifika: Zoben ƙasa ne tabbas, Malam ya faɗi gaskiya. Amma abin bai kai wannan dogon zance ba. Ka kwance fulogin miksa ka cire wayar ƙasa, nan take zai yi tsit. Na sha yi.

Tsohon injiniyan sauti: Zai yi tsit, ban musa ba, amma ina roƙonka kada ka ƙara ba kowa wannan shawarar. Wayar nan ita ke kwashe wuta idan waya mai rai ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, har fis ya ƙone ko burika ta faɗi. In ka cire ta, jikin miksa zai ɗauki wuta, jikin makirfo ma haka tunda a haɗe suke, kuma mutum ne ke riƙe da shi daf da bakinsa. Zobe ta ɓangaren sauti ake yanke shi, ba ta ɓangaren wuta ba.

Mai tambaya: Na gwada, Malam. Tsinin yana kan 50 Hz, da wani ƙarami a 150. Shirun farko ya nuna kusan -46 dB. Da na zare caja kaɗai ya sauka zuwa -58. Da na ƙara da zare sifikoki, ya koma -70, sai na ƙure ƙara kafin in ji shi.

Tsohon injiniyan sauti: Madalla. Zobe biyu gare ka ashe, ɗaya ta caja, ɗaya ta sifikoki. Ka samo ekstenshin mai kyau mai ƙafa uku, ka jona miksa da caja da sifikokin duka a kansa, shi kuma a soket ɗaya tak. Kayan irin naka ba sa jan wuta da yawa, zai ɗauka, amma kada ka haɗa shi da hita ko dutsen guga. Zoben bai ɓace ba, sai dai yanzu dukansu ƙasa ɗaya suke kallo, bambancin ya zama ɗan mitsitsi.

Idan da saura, ka duba bayan miksar da akwatin USB ɗin. In duka biyun suna da XLR ko TRS, wato jak mai sassa uku, ka bar RCA. A cikin waɗannan sauti na tafiya ne a wayoyi biyu, raga kuwa kariya ce kawai, na'urar da ke karɓa tana duba bambancin wayoyin biyu ta watsar da abin da ya shige su daidai wa daida. In babu sai RCA, ka sa ƙaramar taransifomar raba ƙasa a tsakani, mai 1:1. Sauti zai tsallaka ta maganaɗisu, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Masu arha sukan rage kaurin murya, ka saurara da kyau kafin ka amince. Akwatin DI, wanda ake shigar da kayan kiɗa cikin miksa ta kansa, shi ma yana da maɓallin GROUND LIFT mai yin irin wannan aikin. Amma kada ka yanke ƙafa ta 1 a kebul ɗin makirfo, ita ce kariyarsa, kuma wutar 48V da miksa ke bai wa wasu makirfo ta kanta take komawa.

Mai kiɗan jita: Ni nawa ya ƙi jin wannan maganin. Komai a ekstenshin ɗaya yake, amma in na juya jikina da jitar ƙugin ya ragu, in na matsa kusa da amfilifaya ya ƙaru.

Tsohon injiniyan sauti: Naki ba zobe ba ne, 'yar'uwa. Ƙugin zobe ba ruwansa da inda kika tsaya. Wanda ke canzawa da motsi, maganaɗisun taransifoma ne jitar ke tsinta a iska. Ki nisanta da amfilifayar da duk wata caja, kuma inda kebul ɗin sauti zai haɗu da na wuta, su gitta juna, kada su kwanta a jere.

Mai tace sauti: Waɗanda ka riga ka ɗauka fa, ba sai ka zubar ba. A Audacity akwai Notch Filter, ka sa 50 Hz, ka ɗaga Q don yankan ya yi siriri, ka maimaita a 150. Sai dai ka yi hattara da 100 da 150, nan gindin muryar namiji yake, in ka yanka da faɗi za ka ji ta ƙwaƙule. Ni na fi son in bar ɗan ƙugi da in ɓata murya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na mayar da komai kan ekstenshin ɗaya, har da caja da sifikoki, yanzu -66 dB. Akwatina ba shi da TRS, zan nemi taransifomar. Abu ɗaya ya rage: in na ɗora hannu a jikin miksa sai sauran ƙugin ya ƙara raguwa.

Mai gyaran sifika: Wannan kam soket ɗin nake zargi, wataƙila ƙafarsa ta uku ba ta haɗe da komai a cikin bango.

Tsohon injiniyan sauti: Zai yiwu, ko kuma ragar kebul ɗin makirfo ce ta tsinke a bakin XLR. Daga nan ba zan iya rabe su ba. Ka fara da aron wani kebul ka gwada. In bai canza ba, ka kira mai wayarin ya auna ƙasar soket ɗin, kada ka buɗe shi da kanka.