Daraktanmu ya miƙo mini kati da hannunsa, kuma ba zan je ba

Lawal: Daraktanmu zai aurar da 'yarsa a Daura Asabar ta sama, ɗaurin aure ƙarfe 11, dina da dare. Har teburina ya kawo katin. Ba ni da ciwo, ba ni da tafiya, kawai ranar ce kaɗai nake samu da iyalina. Na ce zan gaya masa ba zan samu zuwa ba, ba tare da kawo dalili ba. Abokan aiki sun ce rashin kunya ne. Haka ne?

Alhaji Sada: Rashin kunya ne mana. Katsina zuwa Daura kilomita 80 ne ko kusa da haka, ka fita takwas ka dawo kafin La'asar. Kuma amsa gayyata na cikin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan uwansa. Wajibi ne, ba ruwansa da son ranka.

Malam Kabir: Alhaji, hadisin ingantacce ne, yana cikin Muslim, amma ka haɗa abubuwan da malamai suka raba. Wajibcin da Malikawa suka faɗa a kan walimar aure yake, ga wanda aka ayyana shi da kansa. A Risala an gindaya sharaɗin kada a samu wasa bayyananne ko munkari a wurin, an kuma kawo cewa Imamu Malik ya yi rangwamen ƙin zuwa saboda cunkoso. Dinar da ake kiɗa da liƙi ba ta hau kan Lawal ba. Kuma haƙƙin na mai gayyata ne: idan ka nemi afuwarsa ya ce ba komai, ya sauka.

Maman Hanif: Ni dai kada ka bari su ɗora maka. Bikin wata babbarmu bara sai da aka cire mana kuɗin anko kala biyu, ga gudummawa daban. Ka ce ba ka da kuɗi kawai.

Lawal: Maman Hanif, ba maganar kuɗi ba ce, gudummawa zan bayar.

Alhaji Sada: To ka ce masa "in sha Allahu", ranar ka yi shiru. Kowa ya san ma'anarta, ba wanda ya ji kunya.

Hajiya Binta: Nan ne ban yarda ba, Alhaji. Ni ke rubuta sunaye idan ofishinmu zai yi tafiyar biki. Wannan "in sha Allahu" kujera ce a bas, kuma faranti ne da aka biya mai abinci. Ranar a tsaya a bakin ofis ana kiran wayarka, mai bikin ya ji labari a bakin direba. Wannan ya fi ciwo.

Uzurin ƙarya kuma yana da wutsiya. Ka ce motarka ta lalace, ya ce ga bas. Ka ce za ka Funtuwa gaida mara lafiya, Litinin ya tambaye ka ya mai jiki, ko ɗan uwansa ya hango ka a kasuwa. Katsina ba ta da girman da za ka ɓuya.

Lawal, tunda da hannu ya ba ka, da ƙafa za ka mayar da amsa, kada ka tura saƙon waya. Ka shiga ofishinsa gobe ko jibi, lokacin da ba kowa. Bayan gaisuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, na gode da ka tuna da ni. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ba zan samu halarta ba, na ce in zo da kaina in nemi afuwa tun da wuri." Ka ajiye ambulan ɗin gudummawarka, ka yi shiru. Shirun ne ke da wuya, a nan mutane ke fara ƙago labari. Litinin bayan biki ka koma ka yi masa Allah ya sanya alheri, ka tambayi ya gajiya.

Lawal: Idan ya ce "lafiya dai ko?"

Hajiya Binta: "Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe, wata hidima ce ta gida." Gaskiya ce, kuma dattijo ba ya bin diddigin maganar gidan wani.

Alhaji Sada: Ai kin kawo uzurin ke nan, Hajiya! Kin dai yi masa ƙaramar riga.

Malam Kabir: Ya tambaya, an ba shi amsa ta gaskiya. Ni abin da nake ƙi shi ne ƙirƙira. Amma zan ba Alhaji gaskiya a wuri ɗaya: in da ni ne, sai in bar dinar in je ɗaurin auren, a shafa Fatiha, in yi musabaha da shi in juyo.

Alhaji Sada: Kuma ku tuna wannan mutumin shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Ba zai ce komai ba, amma ya san waɗanda ya gani a Daura.

Hajiya Binta: Cikin ɗaruruwan mutane a ƙofar masallaci? Ya fi tuna wanda ya yi masa alkawari ya saɓa.

Lawal: Gobe bayan Azahar zan shiga wurinsa da ambulan. Maganar ɗaurin auren kaɗai kuma, Malam Kabir, bari in shawarci mai ɗakina tukuna.