Muhawara: Wanda ya sauya maɓallan fad zai shiga gasar Sallah?

Nafi'u Mai Gidan Gem: Jama'a ku raba mu. Gasar ƙwallo ta bayan Sallah a shagona, FIFA 23 a kan PS4, mutum goma sha shida. Sadi ya ce zai shiga amma sai an sauya masa maɓallan fad saboda hannunsa. Ni kuma na ce duk wanda ya taɓa saitin fad ya samu fifiko a kan abokin karawarsa, kuma fifiko a gasa maguɗi ne. Kowa ya buga da fad yadda kamfani ya yi shi.

Sadi: Yaya Nafi'u, kai ka san hannun nan, kana cikin waɗanda suka raka ni asibiti a Ringim ranar da injin sussuka ya kama shi. Babban yatsa da manuni na dama sun tafi, sauran ukun ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata. Fasin da shot da kuros duk a ɓangaren dama suke. Idan ka ce in buga yadda kamfani ya yi shi, ai cewa ka yi kada in buga.

Bala Goje: Mu faɗi gaskiya, ba ƙin Sadi ake ba. Na taɓa karawa da wani a Kano da ya zo da fad ɗinsa, yana danna maɓalli sau ɗaya abin yana maimaita kansa kamar bindiga. Idan aka buɗe ƙofar nan gobe kowa zai zo da nasa salon, mai gida ba zai iya tantancewa ba.

Malam Habu Ticha: Bala, abin da ka gani fad ne mai turbo, kuma na yarda a hana shi, domin yana danna abin da yatsan mutum bai danna ba. Abin da Sadi ke nema wani abu ne daban, kuma kamfanin ne da kansa ya sa shi a cikin na'urar tun 2015. Nafi'u, ka shiga Settings, ka gangara Accessibility, za ka ga Button Assignments. Ka sa alama a Enable Custom Button Assignments, sannan ka zaɓi maɓallin da za a musanya da wani. Aikin X ya koma kan L1, aikin L1 ya koma kan X, iyakarsa ke nan. Ba ya ƙara wa ɗan wasa gudu, ba ya gyara saitin shot. Dannawa ɗaya, aiki ɗaya.

Mu ƙirga abin da hannun hagu kaɗai ke iya kaiwa. Babban yatsa yana kan analok, ba ya tashi daga can sai ɗan wasa ya tsaya cak. Manuni yana kan L1, na tsakiya yana kan L2. Sai L3, wato danna analok ɗin kansa ƙasa. Maɓallai uku ke nan. Abokin karawarsa kuwa yana da huɗun fuska, da huɗun kafaɗa, da analok na dama da ake yin yanka da shi. A ina fifikon yake?

Sadi: Haka nake yi a gidan abokina, Malam. X a kan L1, O a kan L2. Idan ƙwallo tana ƙafata L1 fasin ne, L2 shot. Idan na rasa ta L2 ɗin ne nake sa ƙafa in ƙwace. Canjin ɗan wasa ya koma kan X inda ba na kaiwa, don haka nake sa Auto Switching a kan Auto, gem ɗin ya riƙa ba ni ɗan wasan da ke kusa da ƙwallo. Wani lokaci ya ba ni wanda ban so ba, in ja mai tsaron baya ya bar gurbinsa, a zura min. Inda na fi shan wahala L3 ne. Da farko na sa gudu a kansa, amma riƙe analok a danne ana kuma juya shi, kafin a tafi hutun rabin lokaci yatsana ya sage. Sai na mayar da turu, wato fasin da ake zura wa ɗan wasa a gabansa, kan L3, gudu na bar shi a R2, nake kwantar da fad ɗin a kan cinyata in danna R2 da gwiwa idan fili ya buɗe. Shi ma turun ba ya fita daidai kullum, don lokacin dannawa analok ɗin yakan ɗan goce. Kuros ba ni da shi sam, shi ya sa ba na wasa ta gefe.

Nafi'u Mai Gidan Gem: To ka ji, ga Auto Switching nan. Gem na yi maka aiki ke nan.

Malam Habu Ticha: Nan ka taɓo abu mai ma'ana, amma ka duba saitin shagonka kafin ka yanke hukunci. Ka buɗe Controller Settings ka karanta abin da ke gaban fasin. A Assisted gem ɗin ke zuwa, ma'ana kai ka nuna wajen, shi ya nemo maka abokin wasan. Ban taɓa ganin yaro ɗaya a shagonka ya mayar da shi Manual ba. Duk goma sha shidan nan gem na taya su. Idan taimakon na'ura ne maguɗi, to a mayar da kowa Manual mu ga wanda zai haɗa fasin biyar a jere.

Ɗanjuma Mai Caji: Ni kam ina goyon baya a sa fassarar. Yara da yawa ba sa jin Turanci, a sa musu Hausa a ƙasan allo kamar yadda ake yi wa finafinai.

Bala Goje: Kawu Ɗanjuma, ba maganar fassara ake ba, maganar fad ce.

Hajiya Rabi (Dutse): Ku bar Kawu, bai yi nisa da hanya ba, don duk a ɗaki ɗaya suke a cikin saiti. Sai dai rubutun ƙasan allo ba lallai fassara ba ne, maganar da ake yi ce ake rubutawa da harsunan da gem ya zo da su, kuma ni ban ga babban gem da ya zo da Hausa ba. Ɗan yayata kurma ne tun sanƙarau ya kama shi yana ƙarami. Gem mai labari ba ya fahimtar komai sai ya kunna Subtitles, ya ƙara girman rubutun idan akwai wurin ƙarawa, domin a ƙaramar talabijin rubutun kamar tururuwa yake. A PUBG na waya kuma alamar sawu da ta harbi da ke fitowa a kan ƙaramar taswira ita ce kunnensa. Wanda ke da kunne ma yana ganin alamar, ba wanda ya ce an cuce shi. Kuma Nafi'u, da ƙarar janaretonka, rabin masu zama a benci na baya ba sa jin komai su ma.

Isiyaku Tela: Tunda an buɗe zance, ni ma ina da tawa. A gasar bara wani ya ɗauki jar riga, ni kuma koriya, ga fili kore. Wallahi ina ta ba abokan gaba fasin, ana ta yi min dariya wai na sha wani abu. Ni tun ina yaro ja da kore suna rikice min, a ɗinki ma yarona ke zaɓar min zare idan an zo waɗannan launuka.

Malam Habu Ticha: Isiyaku, wannan gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, shi ya sa ya fi kama maza nesa ba kusa ba. Ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. A cikin FIFA akwai Color Blindness a ƙarƙashin Accessibility, da zaɓi uku: Protanopia, Deuteranopia, Tritanopia. Biyun farko na masu matsalar ja da kore ne, na ukun na shuɗi da rawaya. Ka gwada biyun farko ka ga wanda ya fi raba maka. Amma talabijin ɗaya ce kuke kallo ku biyu, launin da ya sauya maka ya sauya wa abokin karawarka. Abin da ya fi sauƙi a sa doka: kowane wasa ɗaya ya ɗauki farar riga, ɗaya mai duhu. Bambancin haske da duhu idonka na ganinsa sarai.

Nafi'u Mai Gidan Gem: Dokar riga na amince da ita, ba ta cin mai. Ta fad ce ke cin mai. Kowane wasa in shiga Settings in sauya, in ya gama in mayar. Ranar da na manta, na gaba ya danna X ya ga ba fasin, rigima ta tashi a shagona.

Malam Habu Ticha: Ka buɗe wa Sadi User nasa na kansa, a yi saitin sau ɗaya a can. Idan zai buga, fad ɗinsa ya shiga da sunansa, ɗayan ya shiga da na shago. Abu ɗaya za ku kiyaye: rubutun kan allo ba ya sauyawa. Idan allo ya ce a danna X, a fad ɗin Sadi L1 ake dannawa, har wajen zaɓen ƙungiya. Idan ka ga wani na danna X ba ta shiga, to da sunan Sadi fad ɗin yake.

Bala Goje: Me zai hana a sa masa One Button kawai? Na ga yana nan kusa da Classic da Alternate. Maɓalli ɗaya, an huta da gwiwa da cinya.

Sadi: Ba na so, Bala. A One Button gem ne ke zaɓar ko fasin ko shot. In na ci ka da shi za ka ce na'ura ce ta ci ka, kuma kana da hujja. Ina so in na buga shot ya zama ni na ga dama.

Hajiya Rabi (Dutse): Sadi, kai kana da yatsu biyar masu lafiya a hagu. Akwai wanda shan inna ya bar shi da ƙasa da haka, wanda in ba One Button ba babu wasa. Kada ka rufe masa ƙofa don kai ba ka buƙata.

Malam Habu Ticha: Hajiya, a wasan nishaɗi ina tare da ke ɗari bisa ɗari. A gasa mai kyauta kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don zaɓen abin da za a yi da ƙwallo shi ne rabin gwanintar.

Hajiya Rabi (Dutse): To ai Auto Switching ma zaɓe ne, Malam, kuma yanzun nan ka kare shi.

Nafi'u Mai Gidan Gem: Ga abin da zan yi. Sadi, ka zo ranar Laraba bayan la'asar kafin yara su cika, mu buɗe User ɗin, Bala ya karɓi fad ɗinka ya buga wasa ɗaya da hannun hagu kaɗai a gaban kowa. In ya ce akwai fifiko, sai mu sake zama. One Button ban amince da shi a wannan gasar ba, fad daga waje ma ba na karɓa.

Bala Goje: Zan zo. Amma a sa min gudu a L3, ni ba zan iya da gwiwa ba.