Tazarar bugun ba ta daidaita ba a wannan takardar, AF ne?

Zulai, ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. Ga hoton takardar ECG, wato zanen bugun zuciya, ta wani saurayi ɗan shekara 19 da ya zo gwajin lafiya na shiga makaranta. Ba ya kukan komai, amma tsinayen wani wuri sun matsu, wani wuri sun buɗe, na'urar kuma ta rubuta "irregular rhythm". Don Allah yaya zan gane ko AF ne, wato hargitsewar bugun ɗakunan sama na zuciya, ko lafiya lau?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Hoton ya yanke gindin takardar, kuma can ne ake fara dubawa. Sake ɗauka, ki shimfiɗa ta a tebur, wayar ta kalle ta kai tsaye daga sama, kada ki kunna fitilar waya don takardar tana ƙyalli. Muna son mu ga an rubuta 25 mm/s da 10 mm/mV. Idan 25 ne, ƙaramin gida ɗaya sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar sakan 0.2. Idan wani ya bar na'urar a kan 50 mm/s, komai zai miƙe ninki biyu, ki lissafa bugun 40 ga mutumin da yake 80. Bayan haka ki ɗauki dogon layin ƙasa mai alamar II, ki ƙirga ƙananan gidaje daga tsinin R zuwa na gaba, ɗaya bayan ɗaya, ki kawo mana. Gidaje za ki ƙirga, kada ki aza ma'auni a fuskar waya, domin hoton da aka ɗauka a karkace yana matse gefe guda.

Zulai: 25 mm/s ne, Malam. Na samu 18, 17, 19, 22, 25, 24, 20, 17.

Sani Kemis: Bambancin ya yi yawa fa. Daga 17 zuwa 25 gida takwas ke nan. Lafiyayyar zuciya ba ta wuce gida biyu ko uku. Ni dai AF nake zato, a tura shi babban asibiti.

Dakta Rabi: Malam Sani, lissafinka daidai ne, gida takwas sakan 0.32 ne, kuma da zarar bambanci ya haura gida uku ba a cewa bugun yana tafiya daidai. Amma girman bambancin bai faɗa mana komai ba tukuna. Ku dubi yadda lambobin suka jeru. Sun hau a hankali daga 17 zuwa 19, 22, 25, sannan suka sauko 24, 20, 17. AF ba ya hawa da sauka cikin tsari haka. Nasa sai ki ga 14, 26, 17, 11, 23, ba ki iya cankar na gaba daga na baya.

Zulai, raba 1500 da kowace tazara ki samu gudun zuciya a wannan lokacin. A 17 kusan 88 ne a minti, a 25 kuma 60 cif. Yanzu tara gidajen da ke tsakanin 17 na farko da 17 na ƙarshe: 19, 22, 25, 24, 20, 17 sun ba da 127, wato sakan biyar da ɗan ɗoriya. Abin da ke maimaituwa duk sakan biyar yana zuwa sau 12 a minti, kuma haka mutumin da ke kwance a natse yake numfashi. Idan ya ja iska, jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana rage wa zuciya gudu takan ɗan sassauta, bugun ya ƙaru, tsinayen su matsu. Idan ya saki iska sai ta sake riƙewa, su buɗe. Shi ne abin da wasu na'urori ke rubutawa "sinus arrhythmia". A yara da matasa abu ne na yau da kullum, yana raguwa da shekaru, kuma ba ya bukatar magani.

Sai dai lambobi kaɗai ba su isa ba. Koma kan takardar ki tabbatar da abu uku a kowane bugu. Akwai ɗan tudun P a gaban kowane QRS, wato tsinin bugun gaba ɗayansa, yana kallon sama a layin II, siffarsa iri ɗaya? Daga farkon P zuwa farkon QRS gida uku zuwa biyar ne, kuma ba ya canzawa? Faɗin QRS bai kai gida uku ba? Idan duka ukun sun tsaya, wurin da ya kamata ya ta da bugun shi ke ta da shi, lokacin kawai ke motsi.

Maman Ilham: Ni ma agogona na hannu yana yawan nuna mini bugu ba daidai ba, wani lokaci ina jin kamar zuciyar ta tsallake ɗaya. Shekarata 52, ina shan maganin hawan jini. Ke nan numfashi ne kawai?

Dakta Rabi: A'a Hajiya, kada ki ɗauki amsar yaron nan ki yafa. Da shekarunki da hawan jini da abin da kike ji, cikakken ECG mai layi 12 za a yi miki. Idan ya zo da jiri, ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi, ranar za ki je, ba jiran layin wata ba.

Nas Habibu: In dai kowane QRS yana da P a gabansa ai magana ta ƙare.

Malam Bala: Ba ta ƙare ba, Habibu. Akwai tsarin da kowane QRS yana da P ɗinsa, amma tazarar P zuwa QRS tana ƙaruwa bugu bayan bugu, 4, 6, 7, sai wani P ya zo shi kaɗai ba QRS a bayansa. Shi ma yana ba da tsinaye marasa daidaito masu maimaituwa. Don haka a duba kowane P ma yana da QRS, a leƙa cikin tazarar nan ta 25 ko akwai tudun P da ya ɓuya bayan T, tudun da ke biyo bayan QRS. Bugun da ya yi riga-malam-masallaci kuma daban yake: tazara ɗaya ce ke gajarta kwatsam, doguwa ta biyo ta, sauran su koma daidai. Idan daga ɗakunan ƙasa na zuciya ya fito, QRS ɗinsa faffaɗa ne, ba P a gabansa.

Zulai: Na duba. P yana nan a ko'ina, gida huɗu kafin QRS, QRS gida biyu. Amma a bugu na biyar da na shida layin yana rawa, ban ga P sosai ba.

Malam Bala: Rawar iri-iri ce. Idan ƙananan haƙora ne masu tazara ɗaya, layin ya yi kauri, wutar lantarki ce mai 50 Hz, ko daga janareto ko wayar na'urar da ta kwanta kusa da caja. Idan hargitsattsu ne, tsoka ce, yana jin sanyi ko ya ƙanƙame hannu. Idan layin gaba ɗaya ke hawa da sauka, mannin da ke haɗa wayar na'urar da jiki ne bai kama fata ba. Irin wannan rawa ita ta fi sa a kira AF inda babu shi. Duba sauran layukan a daidai lokacin, sau da yawa P ɗin da ya ɓace a II yana fitowa sarai a V1. In yaron bai tafi ba, goge fatar, ki sa shi ya riƙe numfashi na sakan goma ki sake ɗauka. In numfashi ne sanadi, tazarar za ta kusan daidaita.

Dakta Rabi: Ni da abin da ta kawo na gamsu, muddin likitan da ke wurin ya ga takardar da idonsa kafin a sa hannu. A tambaye shi kuma ko ya taɓa suma yana wasan ƙwallo, ko wani a danginsa ya yi mutuwar farat ɗaya yana matashi.

Malam Bala: Ni kam ba na barin bugu biyu da ban ga P ɗinsu ba, Dakta. Takarda ɗaya ce za ta ƙara ci. Zulai, turo sabon hoton a matsayin fayil, kada manhajar ta rage masa inganci gidajen su ɓace.