Tunatarwar rukunin karatu gabanin jarrabawa

A tattaunawar da membobin wani rukunin karatu suka yi, yawancinsu sun yarda cewa saƙo biyu sun wadatar ga kowane zama: ɗaya da yammacin ranar da ta gabace shi, ɗaya kuma saura awa guda a fara. Da zarar an ƙara na uku, mutane sukan kashe ƙarar saƙonnin rukunin, kuma alamar hakan ita ce a daina amsawa, sannan a riƙa tambayar lokacin da aka riga aka sanar.

Sun fi daɗewa a kan lafazi. Shawararsu ita ce saƙon ya ƙunshi rana da lokaci da wuri da abin da za a karanta, misali: "Gobe Laraba da ƙarfe 4 na yamma a ɗakin karatu, za mu bi tambayoyin babi na 5, kowa ya zo da amsoshinsa." An ƙi amincewa da ƙidayar kwanakin da suka rage kullum, domin fargaba take ƙarawa, haka kuma ambaton sunan wanda bai halarta ba, wanda a ganina ya fi dacewa a tuntuɓe shi shi kaɗai.

Idan lokacin zama ya canza, a fara soke saƙon da aka tsara tun farko, don kada ya fita da tsohon lokaci.