Ina neman shawara kan labarin akawun da ya taka hotunan ofis

Hafsat: Assalamu alaikum. Ina rubuta gajeren labari ne. Wani yaro akawu an ba shi hotunan taro guda 400 ya rage musu girma, ya rubuta ɗan umarni a kwamfuta, sai ya taka na asali, wato ƙananan suka maye gurbinsu, a ƙarshe kwafin ajiya ya cece shi. Ba na son masana su karanta su ce ba haka abin yake faruwa ba. Wane kuskure zai yi, kuma ta yaya zai gane?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam, malama. Ki ba shi manhajar gyaran hotuna ta ImageMagick, domin tana da umarnin da ya dace da labarinki:

```
mogrify -resize 800x800 *.jpg
```

Shi `mogrify` aikinsa ke nan, ya gyara hoto ya mayar da shi a mazauninsa da sunansa, ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Abin da ya kamata yaron ya rubuta shi ne:

```
mkdir kanana
mogrify -path kanana -resize 800x800 *.jpg
```

Rashin `-path kanana` ɗin nan kaɗai shi ne ɓarnar. Hoto mai fiksel 6000 a 4000 zai koma 800 a 533, abin da ya saura bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. A kan allo kuwa hotunan za su fito tas, don haka kada ki sa ya gane nan take. Ki bari sai oga ya ce a kai ɗaya wajen masu buga babban hoto. Na asali zai bugu da faɗin inci 20 garau, wanda aka rage kuwa da ya wuce inci uku zai fara dishi-dishi. Idan ya dawo ya duba, zai tarar hoton da ya kai megabait takwas ya koma kilobait ɗari da wani abu, kuma duka 400 ɗin lokacin gyaransu ya faɗo cikin 'yan mintuna ɗaya da juna.

Sani Dogo: To ai da sauƙi, ya shiga Recycle Bin ya dawo da su mana, ko ya danna Ctrl+Z.

Malam Nasiru: Sani, ba goge su aka yi ba. Fayil ɗin yana nan da sunansa, cikinsa ne aka sauya, saboda haka babu abin da zai je kwandon shara. Ctrl+Z kuma ba ya warware abin da aka yi ta layin umarni. Amma Hafsat, ki sa yaron ya gwada biyun, haka duk wanda ya ruɗe yake yi.

Hajiya Bilki: Ni inda nake so ki kula, ƙanwata, shi ne kwafin ajiyar kansa, don ba kowane ne zai cece shi ba. Ofisoshi da dama suna kwafe folda kowane dare da irin `rsync -a`. Wannan umarni yana duba girman fayil da lokacin gyaransa, in ya ga sun sauya sai ya ɗora sabon a kan tsohon. Ke nan in yaron ya yi ɓarna da La'asar, aka kwafe da tsakar dare, kafin gari ya waye ajiyar ma ta lalace. Abin da zai kuɓutar da shi sai ajiyar da ke riƙe tsofaffin kwafi kwana-kwana, ko faifan waje da aka cire aka kulle a durowa kafin abin ya faru, ko memorin kyamarar in mai hoto bai share shi ba. Google Drive ma yana riƙe tsohon kwafin hoto na kwana 30. In kina son zuciyar mai karatu ta buga, ki sa ya gane da yamma, ya rage masa sa'o'i kaɗan ya tsayar da kwafin dare.

Auwal: Ko babu ajiya PhotoRec, mai tono fayilolin da suka ɓace, zai fito da su, ai aikinsa ke nan.

Hajiya Bilki: Wani lokaci, Auwal, ba kullum ba. Yana tono abin da ya rage a sararin faifan da ba a sake rubutu a kai ba. In faifan SSD ne, tsarinsa na goge wuraren da aka daina amfani da su, wato TRIM, kan share wannan sarari da wuri. Abin da ya samu ma ba ya zuwa da sunansa na asali, wasu hotunan kuma rabi-rabi.

Auwal: A tsohon faifai mai juyawa dai ina nan kan bakana, zai samu da yawa in ya kashe kwamfutar da wuri.

Malam Nasiru: Wannan ya danganta da inda sabon fayil ya sauka a faifan. Hafsat, wajen dawo da hotunan kada ya zuba su kan waɗanda suka lalace. Ya buɗe sabuwar folda, ya kwafo daga ajiya, ya ƙirga ya ga 400 cif, sannan ya gudanar da umarnin `identify` na ImageMagick, mai nuna girman hoto, a kansu ya ga 6000x4000 ya fito a kowane layi. Kada kuma ki manta hotunan da aka ƙara bayan kwafi na ƙarshe, waɗannan ba sa cikin ajiya.

Hafsat: Na gode ƙwarai. Zan ɗauki faifan durowa, kuma zan bar hotuna goma sha biyu na safiyar ranar su tafi, sai ya je ya faɗa wa oga da bakinsa.