Neman shawara: 'yan rawar kan bene sun ƙi bin kiɗa

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya yi waƙar biki, muna so mu haɗa kilip na amshin da manhajar nan mai ƙirƙiro bidiyo daga rubutu. Na rubuta mata da Faransanci cewa 'yan rawa goma a saman bene, kaya masu kala, hoto yana yankewa daidai da bugun ganga. Abin da ta ba ni sakan takwas ne, yanka biyu kawai kuma ba a kan kiɗa ba, rigar wata ta tashi daga ja ta koma kore, bayansu dogayen benaye kamar Dubai. Kiredina ya kusa ƙarewa. Yaya ake rubuta furomt ɗin?

Mai montaj, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, manhajar ba ta ji waƙarku ba, rubutu kawai ta gani, to da wane kunne za ta bi ganga? Yanka a kan kiɗa aikin montaj ne, kai za ka yi shi da hannunka a CapCut ko duk abin da kake amfani da shi. Ita abin da za ka roƙe ta shi ne ɗauka guda mai tsabta wadda ba yanka a ciki, sai ka sake roƙon wata, har ka tara biyar ko shida.

Ka fara da sanin saurin waƙar, wanda ya haɗa kiɗan a situdiyo ya san BPM ɗinta, wato bugu nawa take yi a minti ɗaya, tambaye shi. A ce 100 ce. Ka raba 60 da 100, kowane bugu sakan 0.6 ke nan. In amshin bugu 32 ne ya zama sakan 19.2, in kana yanka duk bayan bugu biyu za ka buƙaci gutsure 16, kowanne sakan 1.2. Kar 16 ɗin ta tsorata ka, ɗauka ɗaya mai sakan takwas za ka tsinci gutsure uku masu kyau a cikinta, sauran ka zubar. Ɗaya daga nesa ana ganin rufin duka, ɗaya daga ƙugu zuwa sama, ɗaya ƙafafu kawai, ɗaya daga sama kamar duron, ɗaya bakin zane yana juyawa. Shi ke nan, kana ta zagaya su.

Kuma don Allah rage mutanen. Goma sun yi yawa, in fuskoki suka ƙanƙance a hoto sai su narke, hannun wannan ya shige kafaɗar waccan. Uku sun isa. Ga irin yadda nake rubuta ta daga ƙugu zuwa sama:

```
Single continuous shot, no cuts. Medium shot, static camera.
Three dancers on a flat concrete rooftop: left in plain yellow,
centre in plain red, right in plain blue, matching headwraps.
They step side to side and clap. Background: low zinc roofs,
neem trees, one minaret, dusty late afternoon light.
```

Layin kaya da layin bayan fage kar ka taɓa ko harafi, ka kwafa su yadda suke a kowace ɗauka, abin da zai canza kawai nisan kamara da motsin. Dubai ɗin da ka gani kuwa don ka ce bene ka yi shiru ne, sai ta cike maka gurbin da irin wanda ta fi gani. Sai ka ambaci rufin kwano da itacen dogon yaro da hasumiya da ƙurar hunturu kafin ya yi kama da gida.

Bakatsine a Injamena: Malam ni ban yarda duka ba. Akwai manhajojin da in ka rubuta daga sakan kaza zuwa kaza nesa, daga kaza zuwa kaza kusa, suna yanka maka a cikin bidiyo ɗaya, na yi ya fi sau goma, kuma kaya ba sa canzawa tunda duk a zama ɗaya aka fitar. Ya fi arha ma.

Mai montaj, Marwa: Gaskiyarka ta fannin kaya, wannan riba ce. Amma ka ce sakan biyu ta yanka a biyu da ɗan wani abu, ga labari ba komai, ga kiɗa kuwa ko rubu'in sakan ido zai kama. In zai bi hanyarka to ya sake tsinka su a montaj ɗin.

Hajiya mai ɗinki: Ni dai yaro in saman bene za ku hau ku nemi izinin maƙwabta tukuna, daga can ana hango tsakar gidan mutane, matan aure na wanke-wanke ba lulluɓi. Mu a unguwarmu an yi haka sai da maganar ta kai gaban mai unguwa. Kuma kar ku kai 'ya'yan mutane kan siminti da rana tsaka a watan Afrilu, ƙafa za ta ƙone, ga rodin da magina ke bari a tsaye a gefe yana yaga zane.

Ɗan Garwa: Hajiya ba mutanen gaske ba ne, na'ura ce ke zana su 😂 amma na gode, rodin nan ma zan sa shi a rubutun tare da tankin ruwa, zai fi kama da benen Garwa.

Hajiya mai ɗinki: Au to, ikon Allah. In zane ne ma ka sa musu shadda mai sitati, ita ce ke buɗewa in an juya.

Yarinyar Ngaundere: Hajiya ta faɗi daidai ba ta sani ba. Ni na sha wahala da atamfa, zanen jikinta yana ta rawa shi kaɗai, fure ya koma ganye, ganye ya koma ido, in ka duba hoto-hoto har tsoro yake ba ka. Kala ɗaya tak ga kowane mutum ya fi zama. Abin da ya cece ni kuma, na fara fitar da hoto tsayayye na su ukun har ya yi min, sannan na ba manhajar hoton ta motsa shi, kowace ɗauka daga hoton nan take tashi. Hoto ba ya cin kiredi kamar bidiyo, can za ka yi ta gwaji.

Sai dai yaya mai montaj, ni ko na yanka daidai 'yan rawar suna tafiya da nasu saurin, ƙafa na sauka bayan ganga ta wuce.

Mai montaj, Marwa: Wannan ba ta da magani gaba ɗaya ƙanwata. Dabarar ita ce a cikin sakan 1.2 motsi ɗaya ne ake gani, to ki nemo inda tafi ya haɗu ko ƙafa ta dira, ki ja shi ya hau kan alamar bugun, in ya ƙi ki taɓa saurin kaɗan, 0.9x ko 1.1x, fiye da haka jiki ya fara kama da roba. Alamar kuma a kan sautin za ki sa ta, kar ki dogara da ƙidayar hoto. A 30 fps, wato hoto 30 a sakan ɗaya, bugun 0.6 hoto 18 ne cif, amma a 24 fps 14.4 ne, in kika riƙa ɗaukar 14 kafin ƙarshen amshi kin riga kiɗa da kusan rabin sakan.

Ɗan Garwa: Madalla. Na tambaya, waƙar 104 ce ba 100 ba, zan sake lissafin. To Faransancin fa, in bar shi ko dole Turanci?

Bakatsine a Injamena: Ni da Faransanci nake yi kuma tana ji.

Yarinyar Ngaundere: Tana ji, amma ni da na rubuta ɗankwali da Faransanci gyalen wuya ta ɗaura musu. Gwada duka biyun a hoto tukuna ka gani.